Sunan 'yata a Agege da naira 450,000

Ni tela ne, haifaffen Funtuwa, amma rabin rayuwata a Agege na yi ta, kuma nan shagona yake. A ƙarshen 2024 Allah Ya ba mu 'ya mace, ta uku a wurinmu, kuɗin da na yi mata suna da su kuwa naira 450,000 ne cif. Kuɗin adashi ne. Mu tara ne teloli muke zubin 50,000 duk wata, kuma tun cikin yana ƙarami na roƙi abokin aikina da kwasarsa ta faɗo watan haihuwa muka yi musanya. Kuɗin asibiti daban na tara su. Abin da ya wuce wannan ba ni da inda zan samo shi, domin kuɗin hayar shekara yana jirana a watan Janairu, mai gida a Legas kuma ba ya jin labarin an yi maka haihuwa.

Wanda bai zauna Legas a lokacin ba zai ga kamar kuɗi ne masu kauri. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai ya ɗaga, lokacin da ake maganar nan litar fetur ta kai wajen naira 1,000, buhun shinkafa kuma ya haura 80,000. Ga kuma bambancin da ke tsakanin nan da gida. A Funtuwa itace wani ɗan'uwa zai turo, ruwa na rijiya, tukwane na maƙwabta, matan dangi su cika gida su yi girki. A Agege ruwan da za a wanke hanjin rago ma sai an kira mai ruwa ya turo kura an biya shi.

Ranar Juma'a da hantsi aka haihu, saboda haka suna ya kama Juma'a ta gaba. Washegari Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke zaune a Idi-Araba, ta taho da ƙullin kayanta don ita za ta yi wa maijego wanka. Na zauna gabanta da takarda na fara karanto mata abin da na tsara: rago, shinkafa, kanofi, kujeru, lemo. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Kai ɗan nan, duk wannan na rana ɗaya ne. Ina na kwana arba'in?"

"Gwaggo, ai idan an gama suna sai a ga abin da ya rage."

"Babu abin da yake ragewa a suna. Cire na jego yanzu ka ba ni, sannan ka yi lissafinka da sauran."

Haka tsarin ya juye. Maimakon in fara da taro in bar wa jego abin da ya saura, sai muka fara da abin da ba ya raguwa ko an so a rage shi, taro ya zama shi ne na ƙarshe. Gwaggo ta lissafa gawayin dafa ruwan wanka safe da yamma, kuɗin mai ruwa, gero da kanwa na kunu, kayan yaji, ƙafar saniya da za a yi wa maijego kauri, ƙunzugun jarirai, sabulu, da kuɗin mota zuwa rigakafi. Ya kama 90,000. Na ƙirga mata su a hannu ta ƙulle a bakin zani, kuma daga ranar ban ƙara ganin fuskarsu ba. Na san halina, da a asusuna suke da kanofi ya cinye su.

Bayan wannan na ware 40,000 na sa a ambulan na kai wa wani dattijo mai shago kusa da nawa ya riƙe mini, da sharaɗin kada ya ba ni sai in wani abu ya taso wanda babu shi a takarda. Kayan fitar suna suka ci 45,000: turmin atamfa mai kyau guda, mayafi da takalmi, da 'yan kayan jaririya. A nan sana'a ta yi mini rana, tunda ni na ɗinka da kaina cikin dare. Goro da dabino da alewa na raɗin suna 15,000, wanzami 5,000, sadakar malamai 8,000.

Sai rago, wanda shi ne ya fi komai ɗaukar kuɗi, kuma a kansa ne mutane suka fi shiga rami. Kafin in je kasuwa na tsaya wurin limamin masallacinmu bayan magariba na tambaye shi mene ne ainihin abin da addini ya nema. Ya ce abin da ke cikin Risala shi ne dabba guda a rana ta bakwai, da irin sharuɗan dabbar layya na shekaru da lafiya, a yanka da hantsi, a ci a yi sadaka. Tunkiya ko akuya ma ta wadatar, kuma sunna ce, ba a ce wanda ba shi da hali ya ci bashi ba. Ya ƙara da cewa ba a lissafa ranar da aka haihu, shi ya sa suna yake faɗowa rana mai sunan ranar haihuwa. Na fito da sanyin zuciya, domin yanzu na san ƙasan abin. In rago ya gagara, akwai tunkiya.

Wasu sun ba ni shawarar in tafi kasuwar dabbobi ta Alaba Rago, wai ya fi sauƙi. Mai yiwuwa ne, amma daga Agege sai ka bi Iyana-Ipaja, ka ratsa Igando, ka fita Iyana-Iba, sannan ka dawo da dabba ta wannan hanyar cikin cunkoso. Kuɗin motar da za ta ɗauko ka da rago da yinin da za ka rufe shago sun cinye rangwamen tun kafin ka same shi. Na tafi wajen mayankar Oko-Oba da ke nan kusa da mu, tare da wani mahauci ɗan garinmu. Shi ya hana ni sayen ragon da ido ya fara kai ni gare shi, wani fari mai tumbi. Ya danna cikinsa ya ce ruwa ne, an ba shi gishiri ya sha ya ƙoshi don ya cika ido. Ya nuna mini inda ake duba nama: a shafa gadon baya, idan ƙashi yana sukar tafin hannu to babu tsoka, a kama cinya, a taɓa gindin wutsiya, a buɗe baki a ga haƙora don sanin shekaru, a duba ido da hanci ko suna zubar da ruwa, sannan a sa shi ya yi tafiya a ga ko yana ɗingishi. Muka tsaya a kan wani matsakaici, ba shi da ƙahon nuna wa jama'a, amma da ka ɗaga shi ka ji nauyi. An fara da 170,000, aka sallama a 135,000.

Kuɗin rago ba ya ƙarewa a wurin sallamawa, kuma wannan ne wanda bai taɓa yi ba yake mantawa. La'adar dillali 4,000, keken da ya kawo shi gida 5,000, harawa da dusa na kwanakin da zai yi a ɗaure 2,000, mahaucin da zai feɗe ya daddatsa 6,000. Rago ya tashi a 152,000.

Da na haɗa duka, 355,000 sun riga sun samu masu su. Saura 95,000, kuma da su za a ciyar da jama'a. Daga nan tambayar ta daina zama wa da wa za mu gayyata, ta koma baki nawa wannan kuɗi zai iya ciyarwa.

A Legas ba a awo da tiya ko mudu. Gwangwanin darika ake yi da shi, sai bokitin fenti, wanda yake cin darika biyar ko kusa da haka. Gwaggo da wata maƙwabciyarmu Bayarabiya da ke dafa abincin biki, wadda duk gidan muke kira Iya, suka yarda a kan cewa darika guda ta shinkafa, idan dafa-duka ce, tana ƙosar da mutum biyar. Na yi lissafin mutum 100. Darika 20 ke nan, bokiti huɗu, a 7,500 kowanne, 30,000. Ban je kasuwar shinkafa ta Daleko neman rabin buhu ba, don abin da nake buƙata bai kai rabin buhu ba, ragowar kuma kuɗi ne da za su kwanta a kusurwar ɗaki alhali ana neman su a tukunya. Man girki 16,000. Tumatir da tattasai da attaruhu da albasa 20,000. Tumatirin gwangwani da magi da kori da sauran kayan ƙamshi 6,000, gawayin girki 6,000, niƙa 1,500. Robobin zuba abinci guda 100 da cokula 9,500. Abin da ya rage, 6,000, ya tafi a ruwan leda da zoɓo da sukarinsa. Kowace roba ta tashi a 950, ban da nama.

Wannan 950 ɗin ita ta zame mini ma'auni a sauran kwanakin. Duk abin da aka kawo mini, sai in mayar da shi robobi. Da na tambayi mai haya, kanofi biyu da kujeru da kuɗin kawowa da kwashewa sun kama 48,000, wato abincin mutum 50. Lemon kwalba ga kowa kuwa ya kusa cinye rabin kuɗin abincin gaba ɗaya. Da maiɗakina ta ji kuɗin a naira sai ta ce ai ba wani abu ba ne a suna, amma da na ce mata rabin baƙinta za su zauna a inuwa babu abinci, sai ta yi shiru tana tunani.

Ba ta ji daɗi ba, kuma ban ga laifinta ba. A sunan ƙawarta an rufe layi da kanofi, an yi anko, an kawo mai kiɗa.

"Malam, yanzu mutane su zo su zauna a ƙasa kamar gidan makoki?"

"A tabarma dai, kamar yadda aka zauna a sunanki da nawa."

Gwaggo ce ta raba mu. Ta ce mata kanofi a bakin titin Legas ba baƙinki kaɗai yake kira ba. Da an kafa shi samarin layi za su zo karɓar nasu kuɗin, duk mai wucewa ya ja kujera, wanda ya zauna kuma ba a ce masa ya tashi. Wannan gaskiya ce da na sha gani da idona. Mutum ya dafa na 150, a ƙare da aika yaro da gudu a ƙaro shinkafa, kuma ƙarin da ake yi ranar taro shi ne mafi tsada, domin a shagon bakin layi ake saye, babu ciniki, ga kuɗin masu cirar kuɗi na bakin hanya a kan kowane ɗan abin da aka cira. Muka aro tabarmi daga islamiyyar yara, mai gida ya yarda mata su zauna a tsakar gida da baranda, ni kuma na ɗinka wa maijego atamfarta ɗinkin da ban taɓa yi wa mai biya ba.

Raba robobin 100 ya fi raba kuɗin wuya. Gidanmu irin na ɗaki-ɗaki ne masu kallon juna, ƙofa 14, akwai Yarabawa da Inyamurai da mu. A nan maƙwabci ba sai an gayyace shi ba, haƙƙinsa ne abinci ya same shi a ɗaki, kuma su ma duk abin da suka yi suna aiko mana. Ƙofa 13 ban da tamu, kowace roba biyu, mai gida huɗu, 30 sun tafi. Layin teloli da almajiran shago 15. Masallaci da masu gadi da mai ruwanmu 10. Dangi na Idi-Araba da Mile 12 da za a aika wa 10. Saura 35 na matan da za su yini. Maiɗakina ta zauna da wayarta tana cire suna tana mayarwa, har ta tsaya a kan 30, aka bar biyar saboda wadda za ta zo da ƙanwa ko kishiya.

Maza kuwa ban kashe musu ko roba ɗaya ba ban da waɗanda na ambata, kuma a ganina nan ne al'adarmu ta yi wa talaka gata. Bayan sallar asuba aka zauna a masallaci, liman ya yi addu'a, aka sanar da suna, sunan mahaifiyata aka mayar, aka raba goro da dabino, kowa ya shafa fatiha ya tafi neman abincinsa. Masallacin ya cika har waje, kuma da sun ninka haka ma 15,000 ɗin nan za ta ishe su, don ba wanda yake ƙirga dabino.

Cefanen miya ranar Laraba na yi shi, ba jajibiri ba. Kasuwannin Legas suna shara duk safiyar Alhamis, ba a buɗewa sai ƙarfe 10, lokacin rana ta ɗaga kuma sauran cinikin ya zama na gaggawa. Na yi sammako zuwa Mile 12 inda motocin Arewa suke sauke kaya, muka haɗa kuɗi da wata mai abincin sayarwa muka raba kwando. Ita ta sa aka juye shi a gabanmu, domin na sama kullum masu kyau ne, ruɓaɓɓun suna ƙasa. Albasa ta yi tsada ƙwarai a lokacin, sai na rage ta na ƙara tattasai. A ranar aka niƙa, Iya ta tafasa shi har ruwan ya ƙone, ya kwana biyu lafiya ba tare da firji ba, ana dai sake ɗumama shi safe da dare.

Da hantsin Juma'a aka yanka rago. Kafin mahauci ya sa wuƙa na gaya masa adadi: ina son yanka 100 na robobi daga rabin ragon, kayan ciki a yi wa maijego da masu girki farfesu, cinya guda a soya a ajiye mata, sauran a rarraba ɗanye ga waɗanda a gidanmu aka saba ba su, da ungozoma da wanzami. Idan ba a faɗa masa adadi ba zai datsa yadda hannunsa ya saba, sai an zo zubawa a ga nama ya ƙare a roba ta 60. Kitsen ragon ya taimaka wurin suya, man da na saya bai ƙare ba.

Abu na ƙarshe da ya tsare mu shi ne yadda aka zuba abincin. Ba a fito da kula tsakar gida kowa ya ɗiba ba. Iya da Gwaggo suka shiga ɗakinmu suka rufe ƙofa, ludayi biyu da tsoka ɗaya a kowace roba, aka jera su kashi-kashi bisa takarda. Na maƙwabta aka fara fitarwa tun kafin baƙi su iso, sai na masallaci bayan an sauko Juma'a, sannan na shago. Makullin ɗakin yana ɗaure a mayafin Gwaggo, kuma babu wanda yake da idon da zai ce mata ta buɗe. Akwai wata da ta yi ƙorafin ba a ba ta ta tafiya da ita gida ba, na ji labari daga baya. Ƙanzon tukunya ma bai yi asara ba, yaran gida suka cinye.

Ambulan ɗin nan ta 40,000 ba ta kai ranar suna a cike ba. Ana jibi suna da daddare sai ga Inna, ƙanwar surukata, ta sauka daga motar Funtuwa ba tare da ta sanar ba, ɗauke da daddawa da kuka da man shanu a kwalba. Murna muka yi, amma wanda ya taso daga Arewa saboda kai ba ka barinsa ya biya wa kansa kuɗin komawa. Wannan 30,000. Ruwa ya ci fiye da yadda muka zata saboda wanke-wanke, aka ɗauke wuta da yamma na sayi fetur na zuba a janareton maƙwabci, na kuma ba Iya tukwici duk da ta rantse ba za ta karɓa ba. Da na je wurin dattijon nan karɓar ragowar, 1,500 ya miƙo mini yana dariya.

Akwai kuɗin da da gangan ban sa a lissafi ba, wato na barka. Abokai da yawa sun ce mini in saki jiki, abin da za a kawo zai rufe giɓi. Amma barka ba a san yawanta sai taro ya watse, mai kanofi kuwa tun kafin taro yake karɓar nasa. Ban da haka, mafi yawanta ba tawa ba ce. Abin da mata suka kawo na maijego ne, kuma biki ne, wadda ta ba ki yau za ki mayar mata ranar nata, sau da yawa har da ƙari. Ƙanwar maiɗakina ta zauna da littafi tana rubuta wa ya kawo me: kuɗi sun kama 74,000, ga sabulai, ga turamen atamfa biyu, ga kayan jarirai. Abin da maza suka damƙa mini a masallaci da shago ya kai 31,000, da shi na yi zubin adashin watan, na cika sauran daga ɗinki.

Kuɗin Gwaggo sun kai mu har kwana 36. Gawayi ne ya ƙara kuɗi a tsakani, na cika 7,000 daga aljihu aka ƙarasa arba'in. A Janairu na biya haya, kuma kafin watan ya fita matar ɗaki na shida ta haihu, maiɗakina ta buɗe littafin ta ga 3,000 aka rubuta a gaban sunanta, ta sa 5,000 a ambulan da sabulu biyu ta kai mata.